Yadda Ake Auna Buɗe Sanarwar Manhaja da Gano Ranar da Yawanta Ya Fara Korar Mutane

Duk mai manhajar da ke aika wa mutane sanarwa a wayoyinsu yana da lamba ɗaya da yake yawan kallo, wato kaso nawa ne suka taɓa sanarwar suka shiga ciki. Lambar tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci da ita ba, domin tana ƙirga waɗanda suka amsa ne kawai, ba ta cewa komai game da wanda ya gaji ya shiga saitin wayarsa ya toshe ka. Har ma tana iya yin kyau daidai lokacin da abubuwa ke lalacewa, saboda idan waɗanda sanarwar ta dame su suka fice, waɗanda suka rage masu son ta ne, sai kason buɗewa ya hau alhali jama'arka raguwa suke yi. Wannan jagora ta tsaya a kan manhajar Android da ke aika saƙo ta Firebase Cloud Messaging, wanda ake taƙaitawa da FCM, kuma za ta bi aikin tun daga ƙirga har zuwa yanke shawarar sau nawa ya kamata a aika.

Mataki na farko: ka tantance abin da kake rabawa da shi

Tsakanin aika saƙo da buɗe shi akwai zango huɗu, kuma a kowane zango wasu saƙonni suna zubewa. Akwai wanda sabarka ta miƙa wa FCM, akwai wanda ya isa wayar, akwai wanda ya fito a allo har mutum zai iya ganinsa, sannan akwai wanda aka taɓa. Rahoton Firebase yana nuna su da sunayen `Sends`, `Received`, `Impressions` da `Opens`. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a raba na huɗu da na farko a kira sakamakon kason buɗewa.

Dalilin da ya sa wannan kuskure ne shi ne, amsar nasara da FCM ke mayar wa sabarka tana nufin ya karɓi saƙon ne kawai, ba ta nufin ya isar da shi. Idan wayar tana kashe ko babu data, zai ajiye saƙon, kuma idan ba ka sa masa wa'adi ba zai iya riƙe shi har mako huɗu. Wannan yana da nauyi idan masu amfani da manhajarka irin mutanenmu ne da ke kunna data su gama abin da za su yi su kashe, domin saƙon da ka aika da hantsi zai iya faɗo musu bayan isha'i tare da tarin wasu, a lokacin da labarin ya riga ya tsufa. Haka kuma wasu wayoyi suna da tsarin tattalin batir mai tsanani da ke tsayar da manhaja gaba ɗaya, kuma manhajar da aka tsayar ta ƙarfi ba ta karɓar saƙo har sai an sake buɗe ta. Saƙon da bai fito ba bai gundiri kowa ba, don haka bai kamata a sa shi cikin lissafin gajiya ba.

Akwai kuma tsofaffin lambobin shaida. Kowace waya da aka sa wa manhajarka tana da doguwar lamba da FCM ke gane ta da ita, kuma lambar tana zaune a rumbunka ko bayan mai wayar ya goge manhajar ko ya sayar da wayar. Duk lokacin da FCM ya mayar da `UNREGISTERED`, ka share lambar nan take. Ka kuma riƙa ajiye ranar ƙarshe da kowace waya ta tuntuɓi sabarka, ka ware waɗanda suka haura wata guda shiru zuwa rukuni dabam, domin su ne ke kumbura adadin aikawa a banza.

Lissafin da za ka tsaya a kansa shi ne wannan:

```
kason buɗewa = waɗanda aka taɓa ÷ waɗanda suka fito a allo × 100
```

Mataki na biyu: ka sa wa kowane saƙo alama, ka ƙirga da kanka

Idan ka haɗa Google Analytics da manhajar, tana rubuta `notification_receive`, `notification_open` da `notification_dismiss` da kanta ga sanarwar da FCM ya nuna. Ga saƙonnin da ke fita daga sabarka, sai ka cika gurbin `analytics_label` kafin rahoton ya iya rarrabe su yadda ya kamata, kuma alamar ta kasance ta nau'in saƙo, misali `farashi_safe` ko `talla_mako`. Kada ka yi gaggawar karanta sakamako, domin alƙaluman suna iya ɗaukar kwana guda kafin su cika.

Wannan ya isa a fara, amma wanda yake son amsa tambayar da ke gabanmu yana buƙatar bayani a kan kowane mutum ɗaya ɗaya. Hanyar da ta fi ba da iko ita ce a aika saƙon bayanai zalla, manhajar ta karɓe shi a `onMessageReceived`, ita ce kuma za ta gina sanarwar ta nuna. A nan kana iya rubuta lokacin isowa da lokacin fitowa, ka ɗaura lambar saƙon a `setContentIntent` domin ka san wanda aka taɓa, ka ɗaura ta a `setDeleteIntent` domin ka san wanda aka ture gefe. Tun daga Android 12, ba a yarda taɓa sanarwa ya bi ta wani aikin bayan fage kafin ya buɗe shafin manhaja ba, saboda haka ka rubuta buɗewar a cikin shafin da ya buɗe. Kowane layi da ka ajiye ya ƙunshi lambar mutum, lambar saƙo, nau'insa, abin da ya faru da shi da kuma lokaci. Ka kuma ƙayyade wa'adin ƙirga, misali duk taɓawar da ta zo cikin awa 24 da fitowa, ka tsaya a kan wannan wa'adi a kowane kwatanci.

Ture sanarwa gefe alama ce mai rauni, kuma bai kamata a ɗora mata nauyi da yawa ba. Mutum yana iya karanta farashin masara a kan allo, ya samu abin da yake so, ya ture, kuma wannan sanarwa ta yi aikinta ko da ba a buɗe ta ba. Haka nan idan ya danna maɓallin share duka, taka za ta tafi tare da na sauran manhajoji ba tare da ya ko dube ta ba.

Mataki na uku: ka kama lokacin da aka kashe

Nan ne ainihin aikin yake, domin babu wanda zai sanar da sabarka cewa an toshe ka. Mutum zai danne sanarwar da yatsa, ya kashe, FCM kuma ya ci gaba da karɓar saƙonninka yana mayar da amsar nasara kamar babu abin da ya faru. Manhajar ce kaɗai za ta iya tambayar wayar, kuma tambayar iri biyu ce. Tun Android 8.0 da ya fito a 2017, dole kowace sanarwa ta bi ta wata tasha, wato rukunin da manhajar ta ware wa wani nau'in saƙo, kuma mai waya yana iya toshe tasha ɗaya ya bar sauran, ko ya toshe manhajar ɗungurungum.

```kotlin
val nm = NotificationManagerCompat.from(context)
val dukaKunne = nm.areNotificationsEnabled()
val tashaToshe = nm.getNotificationChannel("talla")?.importance ==
    NotificationManager.IMPORTANCE_NONE
```

Ka yi wannan tambaya duk lokacin da aka buɗe manhajar, ka kwatanta amsar da wadda ka ajiye a baya, idan ta sauya ka rubuta sauyin da ranarsa ka aika wa sabarka. Amma idan ka tsaya a nan za ka rasa mutanen da suka fi muhimmanci, wato waɗanda suka kashe kuma ba su sake shigowa ba. Akwai hanyoyi biyu na cike wannan giɓi. Daga Android 9, tsarin wayar yana aika wa manhaja `ACTION_APP_BLOCK_STATE_CHANGED` idan an toshe ta ko an buɗe ta, da `ACTION_NOTIFICATION_CHANNEL_BLOCK_STATE_CHANGED` idan tasha ce, kuma kana iya sauraron su. Hanya ta biyu ita ce, saƙon bayanai zalla yana isa manhajar ko an kashe sanarwa, don haka kana iya yin tambayar a `onMessageReceived` kafin ka yi yunƙurin nunawa. Wannan ne ma zai hana ka ƙirga saƙon da aka toshe a matsayin wanda ya fito.

Akwai bambancin da dole a kiyaye. Tun Android 13 da ya fito a 2022, sabuwar manhaja tana farawa ne da sanarwa a kashe har sai ta nemi izinin `POST_NOTIFICATIONS` an ba ta. Wanda bai taɓa ba da izini ba bai gaji da kai ba, matsalarsa tana ga yadda ka nemi izinin da lokacin da ka nema. Wanda ya gaji shi ne wanda ka taɓa gani a kunne, yanzu kuma ka gan shi a kashe. Idan ka cakuɗa su, duk lokacin da ka samu sababbin mutane da yawa za ka ga kamar ana ta toshe ka. Ka haɗa da waɗanda suka goge manhajar baki ɗaya, waɗanda Analytics ke nunawa da `app_remove`, amma ka ajiye su a layi dabam.

```
kason kashewa = waɗanda suka koma kashe ÷ waɗanda ke kunne a farkon lokacin × 100
```

Ka lura cewa wannan lissafi na mutane ne, yayin da na buɗewa na saƙonni ne, don haka ba a haɗa su ko a cire ɗaya daga ɗaya kai tsaye.

Mataki na huɗu: kada ka yarda da tsohon tarihi, ka yi gwaji

Abu na farko da zai zo maka shi ne ka duba bayanan da kake da su, ka kwatanta masu karɓar saƙo da yawa da masu karɓar kaɗan. Sau da yawa sakamakon zai nuna maka cewa masu karɓar da yawa su ne ba su cika kashewa ba, ka ɗauka yawan ba ya cutarwa. Abin da ya faru shi ne, waɗanda suka fi son manhajar su ne suka zaɓi bin abubuwa da yawa, misali kasuwanni goma a manhajar farashi, shi ya sa saƙonsu ya yi yawa, kuma son ne ya hana su kashewa. Tarihi ba zai iya raba son manhaja da yawan saƙo ba, sai gwajin da ƙuri'a ce ta raba mutane.

Ka raba mutane ne, ba saƙonni ba, kuma kowa ya zauna a rukuninsa har ƙarshe. Yawan saƙon ne kaɗai zai bambanta, salon rubutu da nau'in labari su zama iri ɗaya gwargwadon iko. Saƙonnin da mutum ke jira da kansa, irin su lambar tabbatar da shiga ko shaidar biyan kuɗi, a fitar da su daga gwajin gaba ɗaya. Ka ba gwajin aƙalla mako huɗu, domin gajiya taruwa take yi, kuma makon farko yakan yi wa yawan saƙo kyau fiye da gaskiya. Ka kauce wa lokutan da ɗabi'ar mutane ke sauyawa, kamar azumi da makon sallah, sai fa idan lokacin ne kake son aunawa.

Yawan mutanen da ake buƙata ya dogara ne da kashewa, domin ita ce abin da ba ya faruwa da yawa. Akwai ƙiyasi da masu gwaji ke amfani da shi don kowane rukuni:

```
n ≈ 16 × p × (1 − p) ÷ d²
```

A nan `p` shi ne kason kashewa da kake tsammani, `d` kuma bambancin da kake son ganowa. Idan kana son bambance kashi 2 da kashi 3 cikin 100, sai ka ɗauki tsakiyarsu 0.025 a matsayin `p`, ka ɗauki 0.01 a matsayin `d`, amsar ta fito mutum 3,900 a kowane rukuni. Wanda jama'arsa ba su kai haka ba, gara ya yi rukuni biyu masu tazara mai faɗi, kamar uku a mako da goma sha huɗu a mako, da ya yi rukuni biyar da babu wanda zai nuna masa komai.

Mataki na biyar: karanta sakamakon

Mu ƙaddara wata manhaja ce ta farashin hatsi, alƙaluman kuma na misali ne domin a ga yadda lissafin ke tafiya. An ɗauki mutum 30,000 da sanarwarsu ke kunne, an raba su uku, kowane rukuni 10,000. Na farko yana samun saƙo 3 a mako, na biyu 7, na uku 14, tsawon mako huɗu.

A rukuni na farko saƙo 100,000 suka fito a allo, an buɗe 8,000, wato kashi 8 cikin 100, kuma mutum 100 suka kashe. A na biyu 230,000 suka fito, an buɗe 13,800, wato kashi 6, mutum 180 suka kashe. A na uku 440,000 suka fito, an buɗe 15,400, wato kashi 3.5, mutum 450 suka kashe.

Mai kallon kason buɗewa zai zaɓi rukuni na farko, mai kallon jimillar buɗewa zai zaɓi na uku, kuma dukansu sun yi kuskure iri ɗaya, wato sun kalli kowane rukuni shi kaɗai. Abin dubawa shi ne ribar da ƙarin ya kawo da hasarar da ya jawo. Daga 3 zuwa 7 an samu ƙarin buɗewa 5,800, an rasa ƙarin mutum 80. Daga 7 zuwa 14 an samu ƙarin buɗewa 1,600 kacal, an rasa ƙarin mutum 270. An ninka saƙo sau biyu, buɗewar ta ɗan motsa, kashewar kuwa ta ninka sau biyu da rabi.

Kafin a gina hukunci a kan 80 ɗin nan, a tabbatar ba dace ba ne. Idan rukunan girmansu ɗaya ne kuma kashewar ba ta da yawa, akwai gwaji mai sauƙi: a haɗa adadin biyu, a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da jimillar, sannan a ninka ta biyu. Haɗa 100 da 180 ya ba da 280, lambar ta kusa 17, ninkinta 34. Tunda 80 ya zarce 34 da nisa, bambancin na gaske ne. Da a ce 100 ne da 115, da babu abin da za a ce.

Saura a sa wa mutumin da aka rasa ƙima. A rukuni na biyu kowane mutum ya buɗe sanarwa sau 1.38 a mako huɗu, wanda ya kama kusan sau 18 a shekara, kuma wanda ya kashe ya tafi da wannan duka. Mutum 80 sau 18 ya ba da 1,440, wanda bai kai ribar 5,800 ba, don haka hawa zuwa 7 ya biya kuɗinsa. Mutum 270 sau 18 ya ba da 4,860, ninki uku na ribar 1,600, don haka hawa zuwa 14 hasara ce da aka lulluɓe da riba. Iyakar wannan manhaja tana tsakanin 7 da 14, kuma a ganina ya kamata ta tsaya a 7 har sai wani gwajin ya nuna cewa 9 ko 10 ba su da illa. Ƙimar 18 ɗin ma ƙasa take da gaskiya, domin wanda ya toshe manhajar ɗungurungum ya daina ganin har saƙon da yake buƙata, kuma shekara guda da aka ɗauka zaɓi ne da ya kamata a daidaita shi da tsawon zaman da mutane ke yi a manhajarka.

Akwai abubuwa biyu da za a ƙara dubawa kafin a rufe littafi. Na farko, a warware kashewar mako mako. Idan ta yi yawa a makon farko sannan ta lafa, wasu tsiraru ne marasa haƙuri suka fice, kuma hasarar ba za ta maimaitu kowane wata ba. Idan kuwa tana nan daram ko tana hawa har mako na huɗu, ramin zai ci gaba da zurfi. Na biyu, a ƙirga kwanakin da kowane mutum ya shiga manhajar ta kowace hanya, domin wani ɓangare na buɗewar ba sabon zuwa ba ne, mutumin da zai shigo da kansa ne ya bi ta sanarwa. Idan rukuni na uku bai fi na biyu yawan kwanakin shiga ba, to ko 1,600 ɗin nan ba riba ba ce.

Mataki na shida: sa iyaka a kan kowane mutum

Lambar da gwaji ya bayar matsakaiciya ce, kuma a bayanta akwai mai buɗe kusan komai, akwai wanda bai taɓa ko ɗaya ba tun wata biyu. Ka duba bayanan waɗanda suka kashe, ka ƙirga sanarwa nawa a jere suka fito musu ba su buɗe ba kafin su kashe, ka kwatanta da na waɗanda suka zauna. Inda layin biyu suka rabu, nan ne za ka sa ƙa'ida, misali duk wanda ya bar goma a jere a rage masa zuwa ɗaya a mako, ranar da ya buɗe kuma a mayar da shi. Ita ma wannan ƙa'ida a gwada ta da rukuni biyu kafin a ɗora wa kowa.

Iyakar ta zauna a wuri ɗaya a sabar, duk saƙo ya bi ta nan. Galibin ambaliyar sanarwa ba daga mutum ɗaya take zuwa ba, sashen talla ne ya aika biyu, sashen labarai ya aika uku, tsarin tunatarwa ya ƙara ɗaya, kowa yana ganin nasa kaɗan ne. Saƙon da ke tsufa da wuri a sa masa gajeren `ttl`, wato wa'adin da FCM zai riƙe shi, wanda sabo ke maye gurbinsa kuma a ba shi `collapse_key`, domin wanda ya kunna data da dare ya tarar da farashin ƙarshe maimakon guda biyar.

Ka raba tashoshi bisa abin da mutum zai gane, farashi dabam, talla dabam, harkar asusu dabam, domin wanda talla ta isa ya toshe ta ita kaɗai. Idan an toshe tasha, manhaja ba ta da ikon sake kunna ta, kuma goge tashar a sake ƙirƙirarta da lambarta ta dā yana dawo da ita da saitin da mai wayar ya bari. Abin da ya rage maka shi ne, a lokacin da mutumin ya yi wani abu da ke buƙatar sanarwa, misali ya nemi a faɗa masa idan buhun gero ya sauko, ka gaya masa cewa tashar a kashe take, ka ba shi maɓallin da zai kai shi `ACTION_APP_NOTIFICATION_SETTINGS`. Ka ƙirga waɗanda suka sake kunnawa ta wannan hanya a layi dabam, domin adadinsu ne zai gyara ƙimar da ka sa wa kowane mutum da aka rasa a gwaji na gaba.